Auta, kafin ka tura dubu ɗari huɗun nan ka karanta wannan

Salamu alaikum Auta, ya hidimar ƙasa, ya Ilorin, da fatan kana lafiya. Na ga saƙonka tun daren jiya cewa kana so ka zuba dubu ɗari huɗunka a guruf ɗin kirifto mai alkawarin riba kullum, har da hotunan da ka turo na guruf ɗin, ban ba ka amsa ba ne saboda na san in na kira ka a waya faɗa za mu yi, kai ka ce ban waye ba ni kuma in ɗaga murya, a tashi ba wanda ya fahimci wani. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ka karanta a nutse, in ka gama kuɗinka ne kai za ka yanke. Dubu ɗari huɗun nan na san yadda ka tara su, alawin dubu 77 ne kake matsewa da ɗan abin da kake samu a lesin ɗin yamma, watanni kana cin garau-garau kana hana kanka abubuwa, to wallahi ba zan iya yin shiru ina kallo ba.

Ka san abokin nan nawa mai gyaran waya a Farm Centre, wanda muke zuwa gida tare ranar sallah Hajiya tana zuba mana tuwo, ba sai na kama suna ba. Abin da ban gaya maka ba shi ne tun watan jiya ba shi da babur, matarsa tana gidansu, kuma mutum huɗu suna nemansa da kuɗi. Guruf ne irin naka sak, sunan ne kawai daban. Ni na zauna da shi a shagonsa muka bi lissafin ɗaya bayan ɗaya a bayan kwalin waya, don haka abin da zan faɗa maka da idona na gani.

Wani kostomansa ne ya jefa shi a guruf na WhatsApp, daga nan aka kai su Telegram. Aka ce kamfani ne na tiredin ɗin kirifto, kana sa USDT, wato kuɗin kirifto da darajarsa take bin ta dala, sau biyu a rana admin zai turo wata lamba da suke kira sigina, ka kwafa ka liƙa a manhajarsu, shi ke nan ribar kashi 2 cikin ɗari ta shigo maka a ranar. Uwar kuɗi kuma a kulle take kwana 40. Ya fara da dubu 300, lokacin dala tana wajen 1,500, ya samu 200 USDT ya tura zuwa adireshin da suka ba shi. Bayan kwana goma allo ya nuna masa 243 da ɗoriya, ya ce bari ya gwada, ya cire 20, cikin minti biyar suka shigo, ya sayar, alat na dubu 30 ya faɗo wayarsa. Auta wannan dubu talatin ɗin ita ta kashe shi. Ya ce min a daren bai yi barci ba yana ta lissafi. Kwana huɗu bayan nan ya sayar da babur ɗinsa ya haɗa da jarin kayan gyara, miliyan ɗaya da dubu 200, ya sa 800 USDT. A kwana na 25 matarsa ta kwashi adashi dubu 450, ya lallaɓa ta ta ba shi, 300 USDT ke nan. A kwana na 30 ya sake cire 60, suka fito lafiya lau, ya yi wa gida cefane har da kaji, ya nuna wa maƙwabtansa na shago alat ɗin, mutum huɗu suka shiga ta linkinsa da 900 USDT a tsakaninsu, aka rubuta masa kwamisho 90 a allo.

Akwai wani abu da bai lura da shi ba sai daga baya, duk lokacin da ka ƙara kuɗi kwana arba'in ɗin nan sabon ƙirge yake farawa. Wato tunda ya ƙara a kwana na 25, ba zai taɓa uwar kuɗinsa ba sai kwana na 65. A kwana na 60 allo yana nuna masa sama da 3,000 USDT, saura kwana biyar, sai aka wayi gari admin ya rufe guruf ta yadda shi kaɗai ke iya magana, ya ce ana gyaran manhaja. Duk wanda ya danna cire kuɗi sai ya ga `Pending`. Kwana uku a haka, sai sanarwa ta fito wai ɓarayin intanet sun shigo, don haka kowa sai ya sa 100 USDT sabo a tantance shi kafin a sake masa kuɗinsa. Ya ci bashin dubu 150 ya sa. Washegari manhajar ta daina buɗewa, guruf ɗin Telegram ya ɓace, lambar admin a kashe.

Ga lissafin da muka yi a bayan kwalin nan. Abin da ya shiga daga hannunsa 1,400 USDT, miliyan biyu da dubu ɗari. Abin da ya fito 80 USDT, dubu 120. Asara miliyan ɗaya da dubu 980, ban da na mutum huɗun da suka ce su shi suka sani. Kuma ka duba da kyau, tamanin ɗin da ya cira ai cikin kuɗinsa ne aka yago aka miƙa masa, ko rabin 200 ɗinsa ta farko ba su kai ba. Dubu ukun da yake gani a allo lamba ce kawai da wani ya rubuta a kwamfutarsa, kamar in ɗauki biro in rubuta maka miliyan goma a takarda in ce ka riƙe.

Yanzu bari mu zo kan zaɓin da ke gabanka, don na san ba guruf ɗin kaɗai kake tunani ba. Hanya uku na gani. Ko ka ba guruf, ko ka sayi kirifto da kanka ka riƙe a hannunka, ko ka yi abin da tun farko ka tara kuɗin dominsa, teburin POS a bakin layinmu. Ni kuma tambaya biyu nake yi wa kowacce, daga ina ribar take fitowa, kuma bayan na sa kuɗin a hannun wa suke kwana.

Mu fara da guruf ɗin tunda shi ne a ranka. Naku ma na ga kashi 2 ne a rana. Ɗauki kalkuleta ka buga 1.02 sau kanta sau 365, za ka samu wajen 1,377. Ma'ana dubu ɗari huɗunka in ka bar su shekara guda za su zama sama da naira miliyan 550. Auta mutumin da ya san hanyar da zai ninka kuɗi sau dubu da ɗari uku a shekara me zai yi da dubu ɗari huɗun ɗan bautar ƙasa, me ya sa zai biya wani kashi 10 don ya kawo ka, me ya sa zai kwana yana roƙonku ku gayyato 'yan uwa? Ai banki zai je ya karɓi bashi ya yi shiru da bakinsa. Don ka samu ma'auni, sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, kashi 16.47 yake biya a shekara. Gwamnati guda ke nan mai haraji da man fetur. Su kuma suna cewa abin da gwamnati ke biya a wata goma sha biyu za su ba ka a kwana takwas. To ribar daga ina? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka, ba wani wuri. Shi ya sa kwamishon gayyata ya fi komai muhimmanci a wurinsu, shi ya sa ake kulle uwar kuɗi, shi ya sa ake sakin ƙananan cira da sauri don a samu hoton alat da za a watsa a guruf. Ranar da abin da ake son cirewa ya fi abin da ke shigowa, ranar ake fara gyaran manhaja.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Kana ƙaramar sakandare lokacin MMM, su kashi 30 a wata suka yi alkawari, a Disambar 2016 suka daskarar da asusun mutane ana shirin hutun ƙarshen shekara. Na kusa-kusa kuma CBEX, wanda ya ce zai ninka wa mutum kuɗinsa cikin wata guda, ya rufe a Afrilun 2025, har mutane suka fasa ofishinsu a Ibadan suka kwashe kujeru don takaici, EFCC ta shiga maganar. Su ma bayan sun rufe an ce wa mutane su sa dala 100 ko 200 a tantance su. Ka ga dabarar ɗaya ce, riga kawai ake canzawa, da can banki ake turawa yanzu USDT.

Canjin rigar nan kuwa ya ƙara wa abin muni, nan ne tambaya ta biyu take shigowa. In ka yi transfa ta banki akwai suna, akwai BVN, akwai inda za a je a yi ƙorafi ko da ba lallai a dace ba. In ka tura USDT ta hanyar turawar da ake kira TRC20 zuwa adireshin nan mai farawa da T, ya tafi ke nan, babu manajan da zai dawo da shi. Mun ɗauki adireshin da abokina ya tura wa kuɗi muka liƙa a Tronscan, shafin da kowa zai iya ganin shige da ficen kowane adireshi, muka ga 800 ɗinsa ta shiga, bayan 'yan mintuna ta fice zuwa wani adireshin tare da na wasu. Ba ta taɓa zama a wani asusu mai sunansa ba balle a yi tiredin da ita. Kai ma kana iya yin wannan yau da adireshin da naku admin ɗin ya bayar, ba ka buƙatar ka yarda da maganata.

Na ga takardar CAC da ka turo min a matsayin hujja. Takardar CAC tana nufin an yi rajistar suna ne kawai, mai shagon ɗinki ma yana da ita. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a da sunan zuba jari, rajistar SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, ake tambayarsa, kuma SEC tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta sec.gov.ng, ka shiga ka nemi sunansu da kanka, kar ka karɓi hoton takarda daga hannun admin. Sannan akwai abin da ya fi tsorata ni a kanka. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara goma, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan harka da masu tallata ta. Ka ce min wai in ka kawo mutum biyar za a ɗaga ka matsayi. Ko doka ba ta zo kanka ba, mutum biyar ɗin nan su waye, in ba 'yan uwanmu da abokanka na unguwa ba? Abokina yau asarar miliyan biyun ba ita ta fi cinsa ba, ɗaya daga cikin mutum huɗun nan dattijo ne mai sayar da caja da suke sallah sahu ɗaya shekara da shekaru, kuɗin auren 'yarsa ne ya sa, yanzu in ya hango shi sai ya canza layi.

Hanya ta biyu, ka sayi kirifto da kanka. A nan ina so ka ji ni da kyau don kar ka ce Yaya ya tsani kirifto ne kawai. Bitcoin abu ne da yake akwai, ana saye ana sayarwa a duniya, kuma CBN da ta hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021 ta janye hanin a Disambar 2023, a Agustan 2024 kuma SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko su yi aiki a matsayin kasuwar kirifto. To wannan daban, guruf ɗinku daban, sunan kirifto kawai suka ara. Bambancin da za ka riƙe shi ne, a nan babu mai yi maka alkawarin ko sisi. Ribar tana fitowa ne in wani ya yarda ya saya a hannunka da tsada fiye da yadda ka saya, in kuma farashi ya faɗi kai za ka ɗauka. A Nuwambar 2021 Bitcoin ya kai wajen dala dubu 69, a Nuwambar 2022 ya dawo wajen dubu 16. Wanda ya sa dala ɗari a saman nan, bayan shekara guda abin da ke hannunsa bai kai dala 25 ba. Gaskiya ne a Disambar 2024 ya haura dubu 100, wanda ya iya haƙuri ya fita da riba, amma shekara uku fa ke nan, kuma wanda ya iya jira shi ne wanda ba ya buƙatar kuɗin don cin abinci. Kai wata biyu ya rage maka alawi ya tsaya. In ka dawo Kano ba aiki, kuɗinka sun koma rabi, za ka iya zuba musu ido shekara biyu? Ba za ka iya ba, za ka sayar a kan asara, kuma ba laifinka ba ne, haka rayuwa take tilasta wa mutum.

Wannan ma Bitcoin ke nan, babban cikinsu. Ƙananan da ake tallatawa a guruf a ce a saya kafin ya tashi sun fi haɗari nesa ba kusa ba. Luna a Mayun 2022 cikin 'yan kwanaki ta tashi daga dala masu yawa ta koma abin da bai kai kobo ba. Kai kanka ka tuna watannin da kuka yi kuna danna waya a Hamster Kombat, da abin da ya fito muku ranar da aka fashe a Satumbar 2024, ka ce min ko kuɗin datar da ka ƙona bai fito ba. Can lokaci da data kuka rasa, yanzu kuwa gumin shekara guda ake magana.

Ta ɓangaren a hannun wa kuɗi suke, hanya ta biyu ta fi guruf sosai amma tana da nata ramukan. In ka bar su a manhajar kasuwa to a hannun kamfanin suke, kuma manya ma suna faɗuwa, FTX ta rushe a Nuwambar 2022 da kuɗin mutane a ciki, Binance kuma ta daina hulɗa da naira a Maris 2024. Babu NDIC a nan, ita da take tsaya wa mai ajiya a bankin kasuwanci har naira miliyan 5 in banki ya mutu. In kuma ka kwashe zuwa walet ɗinka, to kalmomi 12 ɗin nan da ake ba ka ranar buɗewa su ne kuɗin, wanda ya gan su ya kwashe, in ka ɓatar da su kuma waya ta lalace shi ke nan. A takarda ake rubuta su a ɓoye, ba a ɗaukar hotonsu, ba a tura wa kowa ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. Sai matsalar P2P, ka sayar wa wanda ba ka sani ba ya turo maka kuɗin da aka sato daga asusun wani, kwana biyu banki ya kulle naka asusun kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Ta fuskar addini ma ka san malamai sun yi saɓani a kan kirifto ɗin kansa, wasu sun halatta saye da sayarwa da sharuɗɗa wasu sun hana, wannan ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Amma na guruf, ka ba da kuɗi a lamunce maka ƙari tsayayye kullum ba tare da ka san abin da ake saya ko sayarwa ba, kuma ƙarin daga aljihun ɗan uwanka musulmi da ya shigo bayanka, wannan zuciyarka ma ta ishe ka fatawa.

Sai hanya ta uku, wadda na san yanzu ta yi maka ƙanƙanta a ido tunda ka ga ana maganar daloli. Na je na zauna da yaron da ke POS a bakin titi wajen masallacin Juma'a na tambaye shi yadda yininsa yake, ga abin da na fahimta in na kwatanta da kuɗinka. Na'ura da tebur da lema da benci ka ware musu kamar dubu 70, ka ajiye dubu 30 a gefe don ranar tsautsayi, ka juya dubu 300. Ana karɓar naira 100 a kan dubu biyar, 200 a kan dubu goma. In Allah ya kawo maka mutum talatin a yini, a matsakaicin 150, ka tashi da 4,500. Kamfanin na'ura zai cire nasa, ga data, ga takardar rasit, ga ɗan abin da za ka ba mai gidan mai ko mai shago da zai riƙa ba ka tsabar kuɗi kana tura masa, ka ce dubu biyu sun tafi. Saura 2,500. A kwana 26 dubu 65 ke nan a wata. Ban ce haka zai zama daga ranar farko ba, watan farko wataƙila mutum goma ma sai ka yi da gaske kafin a saba da kai, kuma masu POS sun yi yawa yanzu, layinmu ne kawai na ga har yau sai an taka zuwa titi.

Kuma kar in ɓoye maka, dubu sittin da biyar ɗin nan ladan zamanka ne a rana daga safe zuwa isha'i, ba kuɗi ne ke haihuwa kana kwance ba. Akwai asara a ciki. Akwai mai nuna maka alat na ƙarya a wayarsa yana sauri, in ba ka ga kuɗi a naka asusun ba kar ka miƙa ko da limamin unguwa ne ya rako shi. Akwai jabun dubu ɗaya a tsakiyar bandir. Akwai ranar da netwok zai cire wa mutum kuɗi bai shigo maka ba ya tsaya a kanka yana huci. Akwai ɓarayi, shi ya sa ba a kwana da kuɗi a tebur kuma ba a ƙirga su a gaban mutane. Amma ka mayar da tambayoyina biyu kan wannan. Ribar daga ina? Daga naira ɗarin da Maman su Ummi za ta ba ka don ka hutar da ita zuwa banki, kana ganinta tana ganinka, ta san abin da ta biya ta san abin da ta samu. Kuɗin a hannun wa? Rabi a jakarka rabi a asusu mai sunanka, duk dare za ka ƙirga. In abin bai karɓe ka ba bayan wata uku, ka naɗe lemarka, dubu ɗari ukunka suna nan, abin da ka rasa bai wuce kuɗin tebur da na'ura ba. A hanya ta biyu kuɗin suna iya komawa rabi ko kwata ko ƙasa da haka kana riƙe da abinka kana jira. A guruf kuwa mummunan abin shi ne sifili, har da bashin tantancewa da mutanen da ka jawo, kuma wannan ba tsautsayi ba ne da zai iya faruwa ko ya ƙi, haka aka gina shi ya ƙare, ranar ce kawai ba a sanar da ku.

Na san abin da za ka ce, don abokina ma shi ya faɗa min lokacin da na yi masa magana a kwana na 30, cewa ai ya san zai rufe wata rana, shi dai zai shiga da wuri ya fita da wuri. To ka tambayi kanka wa ya gaya maka yanzu ne wuri. Guruf ɗin da ya riga ya iso wayar ɗan bautar ƙasa ta hannun abokin abokinsa, mutum dubu nawa ne a gabanka? Kuma kulle kwana 40 ɗin an sa shi ne daidai don kar ka iya fita lokacin da ka so. Ko an ce ma ka dace ka fita da riba, kuɗin wa ka ci? Na irin dattijon nan mai caja ne. Ni ban ga yadda za a kai wa Hajiya cefane da wannan ba.

In son kirifto ɗin ne ya kama ka da gaske, ban hana ka koyo ba, ilimi ne kuma akwai masu cin abinci da shi ta hanyar da ta dace. Ga shawarata, ka kafa teburin da dubu ɗari huɗun, in ya fara kawowa ka riƙa cire dubu biyar ko goma a wata daga riba, abin da in ya ƙone ba za ka fasa cin abinci ba, ka saya da kanka a kasuwar da SEC ta sani, da sunanka da BVN ɗinka, ba ta linkin kowa ba, ka koyi yadda ake turawa da karɓa da ƙananan kuɗi, ka ga yadda zuciyarka take yi ranar da ya faɗi kashi 20 a dare ɗaya. Bayan shekara za ka san abin da 'yan guruf ɗin nan gaba ɗayansu ba su sani ba, jarinka kuma yana nan.

In kuma ka riga ka sa wani abu ba ka gaya min ba, don na lura a hoton da ka turo akwai 35 USDT a saman allo, ba zan yi maka faɗa ba wallahi. Yau ɗin nan ka danna cire duk abin da zai ciru, kar ka ƙara ko naira da sunan bonas ko ɗaga matsayi ko tantancewa, kar ka tura wa kowa linkinka, wanda ka riga ka tura wa ka kira shi ka ce ya dakata. Ka ɗauki hoton komai, adireshin da ka tura wa kuɗi, lambar admin, saƙonninsu, don in an rufe su ne abin da za a kai wa EFCC da SEC. Kuma in ya rufe za ka ga wasu sun fito a Telegram suna cewa su ƙwararru ne wajen dawo da kuɗin da aka sace, a biya su kaɗan tukuna, abokina saura ƙiris ya sake ba su dubu 50 ranar da na je, na karɓe wayar daga hannunsa.

Ya ce in gaya maka in kana so ka kira shi da kanka zai nuna maka komai, bai ji kunyar ka sani ba in dai zai hana ka shiga. Zan turo maka lambarsa in ka amsa. Na kuma yi wa mai gidan kusurwar layinmu maganar wurin tebur, ya ce ba matsala in dai ba za a tare masa ƙofar gareji ba, kuma tsohuwar lemar shagona tana nan a soro ba sai ka sayi sabuwa ba, dubu goma sha wani abu ta ragu ke nan. Hajiya ba ta san komai a kan maganar nan ba kuma ba zan gaya mata ba. Ka kira ni bayan isha'i in ka gama karantawa, ka buɗe Tronscan a gabanka mu duba adireshin tare.

Yayanka.